Na aika saƙo 600, mutum uku suka amsa

Malam, ina sayar da shadda da yadi a Kantin Kwari, ina son in samu masu sari daga wasu garuruwa. Na tara lambobin waya kusan 600, na ba ƙanin matata ya riƙa tura musu hotuna da farashi ta WhatsApp. Mun yi sau huɗu, mun canza kalamai, mutum uku kawai suka amsa, kuma an taɓa rufe mana layin. Yanzu wani yaro ya ce zai sa mini manhajar da ke tura saƙo 5,000 a rana. In biya?

Kada ka biya. Riƙe kuɗinka tukuna, ka amsa mini wannan: a cikin ukun nan da suka amsa, wane saƙo ne ya sa kowannensu ya yi magana, na farko ko na huɗu? A wane gari suke? Shadda suka tambaya ko yadi? Na san ba ka da amsa, ƙanin matarka ma ba shi da ita, domin babu wanda ya rubuta komai a cikinku. Matsalarka ke nan, ɗan'uwa. Kai da ba za ka yarda bandir ɗaya ya fita daga shago ba a rubuta ba, ka bar mutum 600 sun shiga sun fita babu ko layi guda a littafi. Manhajar yaron nan abin da za ta yi maka shi ne ta ninka wannan duhun sau takwas, ta kuma jawo a rufe layin gaba ɗaya, domin abin da ke sa a rufe lamba shi ne mutanen da ba su san ka ba su yi ta toshe ka suna kai ƙararka.

Akwai ma wani abin da nake zargi. Idan ƙanin matarka ta hanyar New broadcast yake turawa, jeri ɗaya ba ya wuce mutum 256, kuma saƙon ba ya isa sai ga wanda ya ajiye lambarka a wayarsa. Baƙon da bai taɓa jin sunanka ba bai ajiye ta ba. Yana iya yiwuwa yawancin mutanen nan da kake jin haushin shirunsu ko ganin saƙon ba su yi ba. Da ana rubutawa, da tun makon farko ka gane.

To, sayi littafi mai layi, babba. Daga 600 ɗin nan zaɓi 80 kacal, waɗanda za ka iya faɗin abu uku a kan kowannensu: sunansa da yadda ake kiransa, garinsu da irin kayan da yake ajiyewa, da kuma wanda ya ba ka lambarsa. Wanda ba ka san ta inda lambarsa ta zo hannunka ba, bar shi. Mutum ɗaya layi ɗaya. A gaban sunan ka ja gidaje: ranar saƙo na farko, na biyu, na uku, na huɗu, sai gida mai faɗi na abin da ya ce, da bakinsa, ba fassararka ba. In ka iya Excel ka yi a can, amma littafin naira ɗari biyar da ake cikawa ya fi kwamfutar da ba a buɗewa.

Sai tsarin saƙonnin. Huɗu sun isa, a cikin mako biyu da kwana ɗaya, kuma kowanne da aikinsa daban. Abin da kuka yi a baya saƙo ɗaya ne kuka maimaita sau huɗu da sabuwar riga.

Na farko babu hoto, babu farashi. Ka tuna yadda kake yi idan baƙo ya tsaya a bakin shago: ba ka watsa masa kaya a fuska kafin ku gaisa. Sallama, sunanka, wanda ya haɗa ku, tambaya ɗaya mai sauƙin amsawa. Misali: "Salamu alaikum Alhaji, barka da kasuwa. Ina Kantin Kwari ne, direban da ke kai muku kaya Azare shi ya ba ni lambarka, ya ce kana ajiye shadda. Fara ta fi tafiya a wajenku ko mai kala?" Dubi tambayar. Bai buƙatar ya yanke shawarar saye kafin ya amsa ta, kuma ɗan kasuwa yana son a tambaye shi abin da ya sani. Duk abin da ya ce, ka samu abin da za ka gina saƙo na biyu a kai.

Bayan kwana uku, wanda bai amsa ba ka tura masa hoto uku, kada su wuce uku, na irin kayan da ka rubuta cewa yana sayarwa, da farashin sari da mafi ƙarancin abin da kake sa wa a mota. Hoto arba'in data kawai yake cinye wa mutum ya cika masa waya, ya tsane ka. Bayan kwana biyar kuma sai murya: ko ka kira shi, ko saƙon murya da bai wuce rabin minti ba, da bakinka, kana ambaton sunansa. Da yawa daga cikin manyan masu sari ba sa son dogon karatu a waya, amma za su saurara. Wannan matakin ba na ƙanin matarka ba ne. Yana iya cika littafi, yana iya shirya hotuna, amma Alhajin da zai tura maka kuɗin dila kafin ya ga kaya muryar mai kayan yake son ji. Na huɗu, bayan mako guda, gajere ne: ka ce ba za ka ƙara damunsa ba, ga lambarka idan ya shigo Kano ya leƙo a gaisa. Daga nan ka yi shiru da gaske, aƙalla wata biyu. Za ka yi mamakin yadda wasu sai a wannan na ƙarshen suke magana.

Doka ɗaya ce ba a karyawa. Da zarar mutum ya amsa, ko da "sai bayan Salla" ya ce, ya fita daga jerin, hira ta koma tsakaninku. Wanda ya ce a daina, a ja layi a kan sunansa ranar. Na san wani mai sayar da takalma da ya yi asarar babban kwastoma a kan wannan. Mutumin ya amsa masa cewa an yi masa rasuwa, a ba shi kwana biyu. Yaron shago bai rubuta ba, washegari ya tura masa saƙo na gaba a jeri, mai cewa "Alhaji mun ji ka shiru, ko farashin ne bai yi ba?" Har yau bai sake ɗaga wayarsu ba.

Yanzu gwaji, inda kusan kowa ke yaudarar kansa. Canza kalamai yadda aka ga dama ba gwaji ba ne. Gwaji shi ne ka raba mutanenka gida biyu masu kama da juna, ka canza abu ɗaya tak, ka ƙirga. Rabon ma da yadda ake yin sa: layi na 1, 3, 5 su ne rukunin farko, layi na 2, 4, 6 rukuni na biyu, har ka samu 40 da 40. Kada ka ce 'yan Gusau su karɓi wannan, 'yan Maraɗi su karɓi wancan, domin a ƙarshe ba za ka san ko saƙon ne ya yi aiki ko garin ba. Kuma rana ɗaya, lokaci ɗaya. Idan ka tura wa rabi ranar Talata da hantsi, rabi kuma ranar Juma'a ana shirin masallaci, ranaku ka gwada.

Wata Hajiya mai haɗa turaren wuta ta taɓa zuwa mini da murna, wai ta gano saƙon murya ya ninka rubutu sau biyar. Na ce ta nuna mini su wa ta tura wa murya. Ashe duk tsofaffin kwastomominta ne, waɗanda take jin daɗin yi wa magana, baƙi kuwa rubutu ta yi musu don tana jin nauyinsu. Ba ta gano komai ba sai cewa wanda ya san ka ya fi saurin amsa maka, kuma a kan wannan ta kusa ɗaukar yarinya aikin naɗar murya.

Me za ka fara gwadawa? Abu mai nauyi. Rukunin farko su karɓi saƙon farko mai tambaya, na biyu su karɓi gaisuwa iri ɗaya amma da hoto ɗaya da farashi a maimakon tambayar. Bar batun ko "barka da kasuwa" ta fi "barka da aiki", da mutum 80 ba za ka taɓa ganin irin wannan ɗan bambancin ba. Kuma ga yadda ake haɗa gwaji da kusanci, tunda mutane suna ɗauka ɗaya yana kashe ɗaya: saƙon kamar riga ce, yanka ɗaya, amma aikin wuya na kowa daban. Sunan mutum, garinsu, wanda ya haɗa ku, wannan kowa da nasa a rukuni biyun duka, ba a taɓa shi. Abin da kake gwadawa shi ne sashen da ke bayansa. Minti biyu ko uku kowane saƙo zai ci maka, wato kusan awa uku ko huɗu ga mutum 80. In ya yi yawa a zama ɗaya, yi 20 a rana, goma daga kowane rukuni, wanda hakan ma ya fi wa layinka lafiya.

Wajen ƙirga ka yi hankali da abin da kake kira nasara. Alamar shuɗi ba amsa ba ce, wasu ma sun kashe ta. "Wa alaikumus salam" ladabi ne, Bahaushe ba ya barin sallama a ƙasa. Ƙirga wanda ya tambayi farashi, ko ya nemi ƙarin hoto, ko ya sa rana. A ce bayan saƙo huɗun rukunin farko ya ba ka mutum 8, na biyu 6. Kada ka yanke hukunci, mutum biyu na iya zama wanda wayarsa ta lalace da wanda ya tafi Umara. Amma idan 14 ne da 4, ka ga abin da ya cancanci a sake gwadawa da sabbin mutum 80. In ya sake fitowa haka, ka riƙe shi, ka matsa zuwa gwaji na gaba, misali kira ko saƙon murya a mataki na uku. Ka kuma bi su har ƙarshe, domin saƙon da ya fi jawo surutu ba lallai shi ne ya fi jawo kuɗi ba. Mai farashi a gaba yana iya kawo mutum kaɗan amma masu saye, mai tambaya ya kawo masu hira. Gidan ƙarshe a littafin shi ne na wanda ya biya da nawa ya biya.

Lokaci ma yana ruɗarwa a sana'arku. Kafin azumi masu sari suna neman kaya ido rufe, don teloli su samu su ɗinka kafin Salla, kowane irin saƙo zai yi kamar yana aiki. Bayan Salla kuwa ko da zuma ka rubuta shiru za ka ji. Saboda haka kada ka kwatanta sakamakon Sha'aban da na Shawwal, rukuni biyun da suka tafi tare kawai ake kwatantawa.

Sauran lambobi 520 ɗin kada ka zubar, kada kuma ka taɓa su yanzu. Ba ƙanin matarka aikin binciko su ɗaya bayan ɗaya wajen direbobi da 'yan dako da maƙwabtanka na layi: wane ne wannan, me yake sayarwa, wa ya san shi. Duk wanda gidajensa uku suka cika, ya shiga rukunin wata mai zuwa. Idan ka gama da 80 na farko, ɗauki hoton shafin littafin ka turo mini mu duba lissafin tare.