Yadda ake kwafe wasan jera kalmomi daga hoto

Tambaya: Ni malami ne a Gombe, na ɗauki hoton wasan jera kalmomi a jarida, ina son in rubuta shi wa ɗalibaina. Ta ina zan fara?

Amsa: Malam, ka fara da ƙirga gidajen allon, a kwance da a tsaye, kafin ka rubuta komai, domin hoton waya yakan karkace, kuma inuwa ko lanƙwasar takarda takan sa farin gida ya yi kama da baƙi. Ka ba kowane gida alama ɗaya: # ga baƙi, ɗigo ga wanda babu komai, harafi ga wanda aka cike.

```
K A I
A # D
N . O
```

A ganina lambobi ne suka fi bukatar natsuwa, kuma gara ka fitar da su da kanka, sannan ka gwada da na hoton. Ana bin allon daga hagu zuwa dama, layi bayan layi, a ba da lamba ga duk gidan da kalma ta fara a cikinsa. A misalin nan K ita ce 1, ta buɗe KAI a kwance da KAN a tsaye da lamba guda; I ita ce 2, ta buɗe IDO a tsaye kawai; N ita ce 3, ta buɗe kalmar layin ƙarshe a kwance kawai. Idan lambarka ta saɓa da ta jaridar, to ka duba baƙaƙen gidajen da suka gabace ta, galibi nan kuskuren yake.

Daga nan ka kwafe tambayoyin a rukuni biyu, na kwance da na tsaye, ka tabbatar tsawon kowace amsa ya yi daidai da gidajenta.