Bangon da ke ƙyalli da ɓarɓarniya bayan an ƙara girman hotonsa

"Maigida, na ƙara girman hotunan wani bangon dutse a Skyrim Special Edition daga fiksel 512 zuwa 2048, na ajiye su a DDS. Wasan ya buɗe, amma daga nesa bangon yana ɓarɓarniya, daga kusa kuma yana ƙyalli kamar an shafa masa mai. Ina na kuskure?"

Yarona, kuskure biyu ne, kuma tushensu ɗaya: ka taɓa fayil kafin ka karanta shi. Kafin kowane aiki, ka duba na asali da umarnin `texdiag info` na manhajar binciken fayilolin DDS, domin zai nuna maka tsarin matsewarsa, da yawan matakan mifmaf ɗinsa, da ko yana ɗauke da alfa, wato sashe na huɗu na hoto bayan ja da kore da shuɗi.

Ɓarɓarniyar alamar rashin mifmaf ce. Mifmaf ƙananan kwafi ne na hoton da ke cikin fayil ɗin kansa, faɗin kowane rabin na gabansa, har a sauka zuwa fiksel guda. Idan bango ya yi nisa, wasan yana ɗaukar ƙaramin kwafi wanda aka riga aka daidaita launukansa. Idan kuwa bai same shi ba, sai ya riƙa tsintar ɗaiɗaikun fiksel daga babban hoton, duk motsin da ka yi ya tsinci wasu dabam. Hoton 512 yana da matakai 10, na 2048 kuwa 12 yake buƙata. Nauyin fayil ma kan tona asiri, domin hoton 2048 a tsarin BC7 megabayit 4 ne in babu mifmaf, kusan 5.3 kuma in suna ciki.

Ƙyallin shi ne ya fi kama masu koyo. Fayil mai ƙarewa da `_n.dds` shi ke nuna tudu da kwarin dutse, amma a Skyrim alfarsa ce ke ƙayyade yawan ƙyalli. Manhajojin ƙara girma da yawa suna watsar da alfa, idan kuma ta ɓace, wasan yana ɗaukar ta a cike, sai dutse ya koma kamar tangaran. Haka zai faru idan ka matse shi da BC1, wanda alfarsa ba ta san tsaka-tsaki ba. Saboda haka ka ware alfar, ka ƙara girmanta ita kaɗai, ka mayar da ita mazauninta a PNG, sannan ka matse da manhajar texconv:

```
texconv -f BC7_UNORM -m 0 -sepalpha -y bango_n.png
```

`-m 0` ita ce ke gina dukkan matakan. Sunan fayil da foldar da yake ciki kuwa su zama daidai da na asali, in ba haka ba wasan zai ci gaba da amfani da tsohon hoton. Ni da kaina ba na kai irin wannan fayil 2048 idan asalinsa 512 ne. 1024 ya wadatar, domin manhajar kan ƙirƙiro gargadar da babu ita. Idan kuma za ka yi wa tsohon Skyrim na 2011 aiki, ka koma BC3, domin shi bai san BC7 ba.