Hukuncin karɓar jarin kiwon kaji da sharaɗin riba ƙayyadajjiya

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da ɗan fili a bayan ɗakina, kuma yayana ya yarda ya ba ni naira 300,000 in yi kiwon kajin nama guda 50. Sharaɗinsa shi ne idan na sayar in mayar masa da kuɗinsa tare da naira 40,000, abin da ya rage nawa ne. A wurinmu ɗan tsako naira 1,200 ne, buhun abinci mai kilo 25 naira 23,000, kaza kuma ana sayar da ita naira 7,500. Shin wannan ya halatta?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malama, kiwon kaji domin sayarwa halas ne, amma sharaɗin da Yayanki ya gindaya bai halatta ba. Wanda ya ba da kuɗi a kan lallai a mayar masa da su cikakku tare da ƙari sananne, bashi ya bayar ko da ya kira shi jari, kuma ƙarin da aka sharɗanta a kan bashi riba ce wadda Allah Ya haramta. Idan kuwa ƙiradi yake nufi, wato dukiya daga gare shi aiki daga gare ki, to Ibnul Munzir ya hakaito ijma'in malamai cewa ƙiradi yana ɓaci idan ɗayansu ya yanka wa kansa adadin kuɗi sananne.

Lissafin da za a yi da farashin da kika kawo zai nuna miki hikimar hanin. 'Yan tsaki 50 sun ci naira 60,000. Kazar nama tana cin abinci kilo huɗu zuwa huɗu da rabi kafin ta kai mako shida, wato kusan buhu tara, naira 207,000, kuma a nan mafi yawan jarin yake tafiya. Ki ware kimanin naira 33,000 domin rigakafin cututtukan kaji irin su na Gumboro da Lasota, da magani, da gawayin ɗumama su a makonnin farko, da diddigar katako ta shimfiɗa, da kuɗin mota. Jarin ya ƙare ke nan. Idan uku suka mutu, abin da ba baƙo ba ne a wannan sana'a, kaji 47 za su kawo naira 352,500, kashinsu da manoma ke saye taki kuma a ce naira 5,000. Ribar ta tsaya a naira 57,500, Yayanki ya ɗauki 40,000, ke da kika yi mako shida kina tashi cikin dare duba wuta da ruwa ki tashi da 17,500.

Wannan idan komai ya tafi daidai ke nan. Idan zafin bazara ko cuta ta kashe goma, abin da ya rage a kan jarin naira 5,000 ne kacal, sai ki nemo 35,000 daga aljihunki. Haka nan idan masu saye suka yi jinkirin mako guda, kajin za su cinye fiye da buhu biyu, ribar ta kusa ƙarewa. A duk waɗannan halaye shi kuɗinsa ba su motsa ba, alhali Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya rataya cin amfanin dukiya a kan ɗaukar lamuninta.

Gyaran yana da hanya biyu. Ta farko, ku yi yarjejeniya a kan kaso na ribar da aka samu, kamar rabi da rabi, ta yadda a lissafin farko kowa zai sami naira 28,750. Idan asara ta zo, dukiyarsa ce ta ragu, ke kuma wahalarki ta tafi, ba za ki biya ba sai in kin yi sakaci, kamar barin rigakafi ko cunkusa su a wurin da iska ba ta ratsawa. Sai dai malamanmu na Malikiyya sun tsananta a kan ƙiradin da aka sharɗanta wa ma'aikaci aikin hannu, yayin da Hanbalawa suka sassauta. Saboda haka abin da na fi natsuwa da shi shi ne hanya ta biyu, wato kajin su zama nasa, ya ɗauke ki aiki da lada sananne, riba da asara duk nasa.

Ki kula cewa kazar da ta mutu kafin a yanka ta mushe ce, ba a cinta kuma ba a sayar wa masu gashi, sai a binne ta. Kuma idan warin shimfiɗa da ƙudaje suka kai ga maƙwabta, wajibi ne ki riƙa sauya ta da zarar ta jiƙe ko ki rage yawan kajin, domin hadisi ya hana cuta da cutarwa.

Wallahu a'alam.