Takardar bursa ta zo da ƙarin kuɗin makaranta da sabon asusu

Tambaya: Malam, bursan makarantar yarana uku ya turo takarda ta WhatsApp. Kuɗin zango ya tashi daga naira 85,000 zuwa 110,000, a biya kashi 60 cikin ɗari kafin a koma, ragowar kafin hutun rabin zango, kuma lambar asusun sabuwa ce. Ta ina zan fara?

Amsa: Hajiya, ki fara da asusun nan. Kada ki tura ko sisi sai kin taka ƙafa zuwa ofishin bursa kin ga takardar da sa hannu da hatimi, ko kin kira lambar makarantar da kika daɗe da sani. Lokacin turawa, sunan mai asusu zai fito kafin ki sa lambar sirri. In kika ga sunan mutum maimakon na makaranta, ki dakata. Lokacin da nake riƙe da ofishin kuɗi na wata makaranta, wani uba ya zo yana nuna mini shaidar biya a wayarsa, ashe takardarmu aka kwaikwaya aka canza lamba. Kuɗinsa ba su dawo ba, kuma har yau abin yana damuna.

Sai ki nemi a fayyace miki abin da ke cikin 110,000 ɗin. Sau da yawa bursa yana haɗa kuɗin dole da na ganin dama ya rubuta jimla ɗaya. A ce karatu 80,000 ne, littattafai 15,000, motar makaranta 15,000. In jimlar kika bi, kashi 60 na yara uku ya kama 198,000. In kuwa ke kike kai su da kanki, kuɗin mota ya fita, kowane yaro ya koma 95,000. Biyan farko ya zama 57,000 sau uku, wato 171,000, saura 114,000 kafin rabin zango. Ki kuma tambaya ko ana yi wa 'yan gida ɗaya rangwame, domin wasu makarantun suna yi amma ba sa rubutawa.

In kin san wa'adin farko zai gagare ki, ki rubuta takarda tun yanzu, ki faɗi nawa za ki iya bayarwa da ranar cikawa, a sa miki hannu ki riƙe kwafi. Bursa da jerin masu bashi yake aiki, kuma maigadi bai san alkawarin baki ba ranar da za a tare yara a ƙofa.

Wajen biya, ki tura na kowane yaro daban, da sunansa da ajinsa. Saƙon banki ba rasit ba ne. Ki kai shi ofis a ba ki rasit mai nuna abin da kika biya da abin da ya rage.