Yadda za ka ƙara wa mai saye kaya ba tare da ka kore shi ba

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da ɗan shagon kayan waya a wani ƙauye kusa da Wudil, ina saro kaya daga Farm Centre a Kano. Wani abokina ya ce duk wanda ya shigo in riƙa tallata masa ƙarin kaya ko wanda ya fi tsada. Na gwada, amma sai na ga wasu suna ɓata rai, wani ma ya daina zuwa. Yaya zan yi ciniki ya ƙaru ba tare da na takura wa mutane ba?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Shawarar abokinka tana da kyau, wurin da ta yi tuntuɓe shi ne "duk wanda ya shigo". Mai shago a Farm Centre ko titin Beirut yana ganin baƙin fuskoki kullum, in ya matsa wa mutum ɗaya gobe wasu ɗari za su wuce ta gabansa. Kai kuwa mutanenka ƙidayayyu ne, da su kake sahu a masallaci, da su kake zama wurin suna da jana'iza. Kuma ka san halinmu da kara. Mutum zai iya sayen abin da bai yi niyya ba don kawai yana jin nauyinka, ya biya yana murmushi, amma daga ranar sai ya riƙa bari sai Juma'a ya shiga kasuwar Wudil ya saya a hannun wanda bai san shi ba. Ba zai taɓa gaya maka dalili ba.

Don haka bari mu ɗauki ciniki ɗaya da na san kana yin sa kullum, mu bi shi daki-daki: mutum ya zo da Itel ko Tecno, ya ce wayarsa ba ta caji, a ba shi igiyar caja.

Kafin ka miƙa hannu kan kanta, karɓi wayar. Duba bakin cajin ka ga irin na da ne, wanda 'yan kasuwa ke kira V8, ko kuwa Type-C ne. Sannan ka jona ta da igiyar gwaji da kan caja naka wanda ka tabbatar da lafiyarsu. In ta kama caji garau, to matsalar tana cikin kayansa, sai ka tambaye shi ko ya zo da kan cajarsa, ka gwada shi da igiyarka. In kuwa sai an karkata igiyar ko an danne ta take kamawa, haska bakin cajin da tocila. Sau da yawa ƙura ce da zaren aljihu suka dunƙule a ciki, musamman lokacin hunturu. Kashe wayar, ka sa tsinken sakace a hankali ka fito da dattin, kada ka sa allura ko wani ƙarfe. Wani lokacin a nan maganar za ta ƙare, bai sayi komai ba. Kada ka ji ciwon wannan, domin in ka sayar masa da igiya alhali bakin cajin ne ya toshe, jibi zai dawo ya ce kayanka jabu ne.

Wannan gwajin na minti biyu shi ne yake ba ka bakin magana. Wanda ya ga ka duba masa waya, in ka ce masa kan cajarsa ne ya mutu, zai ji shawara ce. Wanda ka tare shi daga ƙofa da "ga iyafis, ga fawa banki", talla zai ji.

To mu ƙaddara igiyar ce ta lalace. A nan ne wurin nuna masa wadda ta fi kyau, kuma dole ya zama kafin a fara taya. Ajiye guda biyu a gabansa, kada su wuce biyu. Mu ce mai arahar ka saro ta naira 500 kana sayarwa 800, mai kyaun kuma ka saro 1,100 kana sayarwa 1,700 (ka sa farashinka na yau a madadin waɗannan, lissafin ne abin dubawa). Ribar ta farko 300, ta biyu 600. Sai ka faɗi bambancin a jimla ɗaya da zai iya tabbatarwa da idonsa: "Wannan ta fi kauri a wuya, inda taka ta karye. In ta samu matsala cikin wata ɗaya ka dawo da ita in canja maka." Daga nan ka yi shiru, ka bar shi ya juya su a hannunsa. Masu shago da yawa a nan suke ɓata ciniki, sai su ci gaba da zuba har mutum ya fara zargin akwai wata a ƙasa.

Kuma kada ka kushe mai arahar. In ka ce "wannan ai ba ta kwana biyu", kuma kuɗinsa iya nan ya tsaya, ka kunyata shi, sannan ka bar shi da tambayar me ya sa kake sayar da ita. Ka ce tana aiki, sai dai a riƙa lallaɓa ta. Alkawarin canjin kuwa, kada ka ɗauke shi sai a kan kayan da ka gwada, ko wanda dilanka a Kano ya yarda zai karɓa in ya dawo. In igiya ɗaya cikin biyar tana dawowa kuma asarar a kanka take, ribar guda biyar naira 3,000 ce, ka cire 1,100 na wadda ka canja, saura 1,900. Har yanzu ta fi 1,500 ɗin da mai araha za ta ba ka, amma in biyu suka dawo, ka koma 800, gara ma ka tsaya a mai arahar.

Akwai kuma iyaka da wayar kanta take sa maka. Ƙananan wayoyi da yawa ba sa jan wuta fiye da 5V 2A, wato 10W, wasu ma 5V 1A ne. In ka sayar wa mai irin wannan wayar kan caja na 18W ko 33W da sunan zai yi masa saurin caji, wayar iya abin da aka ƙera ta da shi za ta ja, ba zai ga wani bambanci ba, kuma zai san ka ci kuɗinsa a banza. Duba rubutun da ke jikin cajar da ta zo da wayar ko kwalinta kafin ka buɗe baki. Haka fawa banki: wanda aka rubuta 10,000mAh ba zai cika wayar 5,000mAh sau biyu ba, domin wani kaso na wutar yana tafiya wajen juya ta da zafi. Mai kyau zai yi wajen sau ɗaya da rabi. Faɗa masa haka tun a shago, ya ji daga bakinka.

Ƙarin wani kaya daban kuma lokacinsa daban ne. In ka ambaci gilashin fuska ana tsakiyar ciniki, Bahaushe zai ce to a sa masa shi gyara. In kuma ka bari har ya tura kuɗi ko ya mayar da canji aljihu, ba zai so sake tiransifa ba, balle inda sabis ke wahala. Gurbin yana tsakanin "na sallama" da fito da kuɗi. Abu ɗaya za ka ambata, kuma wanda ka gani da idonka lokacin da wayar take hannunka. In gilashinsa ya tsage, ka ce: "Na ga gilashin nan ya fara tsagewa, akwai na wayarka, in kana so in manna maka yanzu." In ya ce a bari sai wani jiƙon, ka ce Allah ya kai mu, ka ɗaure masa kayansa da fara'ar da ka tare shi da ita. Kada fuskarka ta canja, kada ka sake tayar da maganar. Ni a ganina maimaitawar nan ita ce ta fi komai korar mutane, fiye da tsadar kayan.

Girman ƙarin ma abin lura ne. Wanda ya zo sayen igiyar 1,700 zai iya jure gilashin 700 ko 800, amma fawa bankin dubu goma sha wani abu ba cinikin yau ba ne. Irin wannan sai dai ka dasa maganar. In ka ji yana ƙorafin kullum sai ya kai waya wurin masu caji ya biya, ka nuna masa, ka faɗi kuɗin, ka ce ya yi lissafin abin da yake biya a wata. Da kaka, in an sayar da riɗi ko shinkafa, shi da kansa zai tuna. Da damina kuwa, lokacin da kuɗi ya tafi taki da 'yan ƙwadago, rage tayin gaba ɗaya, domin amsar da za ka fi samu ita ce "kawo, zan ba ka in an yi girbi". Ƙarin da ya koma bashi jarinka ya cinye, kuma mai bashin shi ma zai fara kauce wa shagon.

Mutum ɗaya da ban yarda a yi wa tayin komai ba shi ne ɗan aike. Matan aure da dattawa da yawa yara suke turowa da kuɗi ƙididdigagge. Ba yaron abin da aka ce, ka ba shi canji cif. In ka ga akwai abin da ya kamata mai wayar ya sani, ba da saƙo: "Ka ce wa Hajiya akwai mai kyau ta 1,700, in tana so a dawo da wannan a cika." Haka in mutum ya zo da abokansa, sassauta murya ko ka bar tayin, don kada ya saya saboda idon mutane.

Don ka gane ko abin yana tafiya, ware shafi a littafin cinikinka na wata guda. Duk wanda ka yi wa tayi ka ja layi, in ya karɓa ka sa alama, ka rubuta kayan. In gilashi yana karɓuwa amma rigar waya ba ta motsi, duba ko irin wayoyin da ke hannun mutanen garinku ka saro wa riga, domin rigar wani samfurin ba ta shiga wani ko da kamfaninsu ɗaya, kuma ita ce kan gaba wajen kwantai. Kafin ka koma sari, rubuta samfurin wayoyi biyar ko shida da suka fi zuwa hannunka, ka tsaya a kansu. In kuwa ka ga kusan kowa yana karɓar tayinka amma fuskokin da ka saba gani suna raguwa, ko waɗanda suke zuwa da kansu sun koma aiko yara, to kara ce take sa su saye. Sai ka dakatar da tayin ƙari na 'yan makonni, ka tsaya a gwajin waya da nuna kaya biyu kawai, ka ga ko za su dawo.