La'ada mai hawa uku: kowane yanki na ciniki da nasa kaso

Wani mai karatu daga Tawa ya rubuto yana cewa: "Ranka ya daɗe lauya, ina tallar kayan wutar sola ma wani kamfani na Yamai, ina zagaya Tawa da Ƙonni da Madawa. Ina da albashin wata, an sa ni a CNSS, sannan akwai la'ada bisa ciniki. Kwantiragina ya ce kashi 2 cikin ɗari har zuwa miliyan 5, kashi 4 a kan yankin da ke tsakanin miliyan 5 da miliyan 10, kashi 6 a kan abin da ya haura miliyan 10. A watan Maris na sayar da kayan sefa 12,400,000. Tunda na wuce miliyan goma, lissafina ya ba ni 744,000, amma takardar da suka aiko 344,000 ta nuna. Na riga na sa hannu na karɓa. An cinye mini jika ɗari huɗu ke nan? Mi ya kamata in yi?"

Malam, kana bin su kuɗi, amma jika ɗari ne, ba ɗari huɗu ba. Lissafinka bai bi kwantiragin ba, nasu ma bai bi ba. Gara ka ji wannan tun yanzu, domin in ka shiga ofishin darakta kana neman 400,000, kwantabul zai nuna kuskurenka cikin minti biyar, kuma haƙƙinka na gaskiya ya nutse cikin gardamar.

Dokar farar hula da ake aiki da ita a Nijar ta ce a aya ta 1134 yarjejeniyar da aka ƙulla bisa ƙa'ida ita ce doka tsakanin waɗanda suka ƙulla ta. Saboda haka alƙali kalmomin takardarka zai fara dubawa. Taka ta ce "a kan yankin da ke tsakanin" da kuma "a kan abin da ya haura". Waɗannan kalmomi suna yanka cinikin watan gida uku, kowane gida da kasonsa. Da an rubuta cewa duk wanda ya kai miliyan goma za a ba shi kashi 6 a kan cinikinsa gaba ɗaya, da 744,000 ɗinka ta tabbata. Akwai kamfanonin da ke biya haka, kuma doka ba ta hana ba, amma ba shi ka sa wa hannu ba.

Ga yadda watan Maris yake in an bi takardar. Miliyan biyar na farko a kashi 2 sun ba da 100,000. Miliyan biyar na biyu a kashi 4 sun ba da 200,000. Abin da ya rage sama da miliyan goma shi ne 2,400,000, a kashi 6 ya ba da 144,000. In an haɗa, 444,000.

To daga ina 344,000 ta fito? Cire 144,000 na yankin sama, saura 200,000, wanda shi ne daidai kashi 2 na miliyan goma. Ma'ana wanda ya yi lissafin ya tsallake hawa na tsakiya, ya bar miliyan biyar na biyu a kashi 2 maimakon 4. Irin wannan kuskure galibi daga ƙa'idar da aka rubuta cikin Excel yake fitowa: an sa sharaɗi ɗaya na "in ya wuce miliyan goma", aka manta da iyakar miliyan biyar. Wannan ya fi a ce kuskuren hannu ne muhimmanci a gare ka, domin ƙa'idar da ta karkace ba wata ɗaya take ɓatawa ba. Duk watan da ka wuce miliyan goma, jika ɗari ne cif ke zubewa. Ka fito da takardun watannin baya ka duba su ɗaya bayan ɗaya.

Ba sai ka yi dogon lissafi kowane wata ba. Riƙe lambobi biyu a kai: wanda ya sayar da miliyan biyar daidai yana da 100,000, wanda ya sayar da miliyan goma daidai yana da 300,000. Cinikin da ya faɗa tsakani, ka ɗauki 100,000 ka ƙara kashi 4 na abin da ya haura miliyan biyar. Wanda ya wuce goma, ka ɗauki 300,000 ka ƙara kashi 6 na rarar. Duk takardar da ta nuna ciniki sama da miliyan goma amma la'adarta ba ta kai 300,000 da kashi 6 na rarar ba, akwai matsala a cikinta. In kana da kwamfuta, buɗe Excel, sa jimlar ciniki a gidan A1 ka rubuta wannan a wani gida:

```
=MIN(A1;5000000)*2%+MAX(0;MIN(A1;10000000)-5000000)*4%+MAX(0;A1-10000000)*6%
```

Akwai abin da ya kamata ka shirya masa zuciya kafin ka tono tsofaffin takardu. Kuskuren hawa yana iya faɗawa ta wajenka ma. A ce wani wata ka sayar da 5,200,000 aka biya ka 208,000, wato kashi 4 a kan duka. Haƙƙinka a nan 108,000 ne: 100,000 na yankin farko da 8,000 na jika ɗari biyun da suka haura. Alamar wannan kuskure ita ce tsalle: ƙarin ciniki kaɗan a bakin iyaka ya ninka la'ada. A tsarin yanki-yanki la'ada ba ta tsalle, a hankali take hawa. Abin da aka biya bisa kuskure doka ta ba mai shi damar neman a mayar masa, don haka ka lissafa watannin da aka rage maka da waɗanda aka yi maka ƙari, ka san ainihin abin da ya rage kafin ka buɗe baki. Sai dai kamfani ba ya da ikon ya zabge albashinka yadda ya ga dama da sunan gyara. Yankan albashi yana da iyaka da hanyar da doka ta shimfiɗa, kuma kana da damar ka nemi a rubuta maka dalilin kowane yanka.

Bayan kaso, sai jimlar da aka ɗora kason a kanta, kuma nan ne aka fi yin ɓarna ba tare da an lura ba. Harajin TVA a Nijar kashi 19 ne a mafi yawan kaya. In 12,400,000 ɗinka jimlar HT ce, wato kafin haraji, lissafin da muka yi ya tsaya. In kuwa TTC ce, da haraji a ciki, kuma kwantiragin ya ce la'ada a kan kuɗin kafin haraji take, to ainihin cinikin ya sauko wajen 10,420,000, yankin kashi 6 ya koma kamar jika 420 kawai. Duba faktir ɗinka ka ga wane layi ka tara. Haka nan ka duba ko la'ada tana tabbata ranar da aka yi faktir ko sai ranar da mai saye ya biya. Kayan miliyan uku da aka ture daga Maris zuwa Afrilu, watan da ciniki ya yi sanyi, za su iya saukowa daga kaso mai tsoka zuwa kashi 2, alhali ba a ɓoye ko dala ba.

Kayan da aka maido kuma daga saman tulin ake cire su. In wani ɗan kasuwa a Ƙonni ya maido batura na 600,000 daga cinikin Maris, cinikin watan ya koma 11,800,000, la'ada ta ragu da 36,000. Kada ka yarda a cire su sau biyu, a watan sayarwa da kuma watan maidowa.

Batun sa hannun da ka yi, kwantar da hankalinka. A ƙarƙashin dokar ƙwadago ta Nijar, mai lamba 2012-45 ta 25 ga Satumba 2012, karɓar takardar albashi ba tare da ƙorafi ba ba ya nufin ma'aikaci ya yafe abin da ya rage masa. La'adarka kuma ɓangare ce ta ladan aikinka, shi ya sa ake la'akari da ita wajen lissafin kuɗin hutu da na wa'adin sallama. Ragin da aka yi maka yana bin ka har can. Abin da ke iya kashe haƙƙin shi ne jinkiri, domin neman bashin albashi yana da wa'adin shekara biyu. Kowane wata da nasa agogon, tsofaffin su ne ke fara faɗuwa.

Fara da wasiƙa zuwa ga darakta, ba da kiran waya ba. Shafi ɗaya ya isa: ka kawo ayar kwantiragin kalma da kalma, ka jera kowane wata da cinikinsa, da yankuna ukun, da abin da ya kamata a biya, da abin da aka biya, da bambancin. Ka nemi su ba ka jerin faktir ɗin da suka ɗora lissafinsu a kai, ka sa musu wa'adi kamar kwana goma sha biyar. Kada ka rubuta kalmar sata ko zamba. Kuskuren lissafi ka gani, shi za ka iya tabbatarwa, kuma zargi a rubuce yana iya juyowa kanka. A buga maka hatimin karɓa da kwanan wata a kan kwafinka. Ina ganin akwai kyakkyawan zaton maganar ta ƙare a nan, domin kwantabul da aka nuna wa 300,000 a bakin miliyan goma ba ya da abin da zai musa.

In sun yi shiru ko sun ƙi, sai ofishin sufeton ƙwadago na Tawa. Sufeto yana kiran ɓangarorin biyu don sulhu, ya rubuta takardar abin da aka daidaita ko ta rashin daidaitawa. Ka karanta adadin da ke cikin takardar sulhun da kyau kafin ka sa hannu, domin ita ba kamar takardar albashi ba ce, tana ɗaure ka a kan abin da aka sasanta. In sulhu ya gagara, takardar rashin daidaitawa za ka riƙe zuwa kotun da ke sauraren shari'ar ƙwadago, inda ba a biyan kuɗin shigar da ƙara.

Wannan hanya taka ce domin kai ma'aikaci ne mai albashi da ke ƙarƙashin umarnin kamfani. Wanda ke talla da gashin kansa a matsayin wakilin kasuwanci, ba albashi, ba mai tsara masa lokacin aiki, dokar kasuwanci ta OHADA ce ke hukunta shi, kuma ƙararsa kotun da ke sauraren harkokin kasuwanci take zuwa, ba wajen sufeto ba. Lissafin yankunan dai ɗaya ne.

Kafin wasiƙar ta fita daga hannunka, ka tanadi kwafin kwantiragi da duk wata takardar da ta canja kaso ko iyaka daga baya, da takardun la'ada, da faktir ɗin da ke ɗauke da sunanka ko lambarka. Ka ajiye su a gida, kada ka dogara da wayar kamfani, domin ranar da aka karɓe ta hujjojin sun tafi tare da ita.