Mutum 2,000 ko 400: wanne ya fi ƙarfin hujja?

"'Yan'uwa, ina binciken kammala digiri kan 'yan kasuwar Mile 12 ta Legas masu karɓar kuɗi ta tiransifa. Mutum 2,000 sun amsa min ta WhatsApp, kashi 90 cikin 100 sun ce suna karɓa. Malamina ya ce hujjata ba ta da ƙarfi, amma ya yarda da ta abokina mai mutum 400. Ba yawa ne ke ƙara ƙarfi ba?"

Ƙanena, malaminka bai zalunce ka ba. Duk hukuncin da aka yanke wa jama'a daga kallon wasunsu, kuskure iri biyu ne ke bibiyarsa, kuma ɗaya kaɗai yawa ke magancewa.

Na farko kuskuren dace ne, wato ka faɗa kan wasu mutane ka rasa wasu ba da niyya ba. Ana ƙiyasta shi da 1/√n, inda n yake adadin mutanen da aka tambaya: mutum 400 na ba da tazarar kashi 5 sama ko ƙasa, 2,000 kuma kashi 2 da 'yan kai. Amma sai in canke aka yi, kowa na da damar shigowa, lissafin yake aiki.

Na biyun shi ya kama ka: karkata wajen zaɓe. Dubi kwandon tumatir. Manyan jajaye a sama, lugubgubabbu a ƙasa suna tsiyaya. Ko kwando 100 ka leƙa ta sama, ba ka san komai game da gindinsu ba, wanda ya juye 5 ya fi ka sani.

Mu ƙaddara 'yan kasuwa 40 cikin 100 ne ke WhatsApp, 36 daga cikinsu na karɓar tiransifa. Sauran 60 ɗin, dattawa da masu ƙaramar waya, 30 ne ke karɓa. Ainihin adadin 66 ke nan, kai kuma 90 za ka yi ta samu, ko mutum 20,000 ka tambaya. Abin da ya fi damuna, yawan sai ya ƙara maka sakankancewa a kan kuskure. Haka ta faru da mujallar Literary Digest a Amurka a 1936: amsoshi sama da miliyan 2 ta tara, galibi daga masu tarho da mota, ta ce Landon zai ci zaɓen shugaban ƙasa, sai abokin takararsa Roosevelt ya lashe da gagarumin rinjaye.

Shiga kasuwar da ƙafarka. Kasa ta sashe-sashe, tumatir, attaruhu, albasa, doya, ka ba kowane sashe kaso daidai da yawan masu sana'arsa, sannan ka riƙa tsayawa a kan kowane mutum na 10. Je da asuba lokacin sauke kaya, ka koma da la'asar. Wanda ya ƙi amsawa ka rubuta shi, ka sake zuwa masa washegari, kada ka musanya shi da maƙwabcinsa mai fara'a. In ka ga dattawa ba su kai yadda ido ke ganinsu a kasuwa ba, samfurinka, wato mutanen da ka zaɓa ka tambaya, ya karkata, ka gyara tun kafin lissafi.